Hamzar da ke buɗe rumbun bayanai, da alamar tambayar da ke rufe shi

A tsakiyar watan Oktoba na 2015, kamfanin TalkTalk, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin waya da intanet na Birtaniya, ya wayi gari an kwashe bayanan abokan cinikinsa 156,959. An ɗebi sunaye da adireshi da ranakun haihuwa da lambobin waya, kuma mutum 15,656 daga cikinsu har da lambobin asusunsu na banki aka tafi da su. Da farko jama'a sun zaci aikin wata gawurtacciyar ƙungiyar ɓarayi ce. Da 'yan sanda suka fara kame, sai ga matasa. Wanda aka fara kamawa a Arewacin Ireland shekararsa 15. Wani kuma mai shekara 17 ya amsa laifinsa a kotun yara ta birnin Norwich a watan Nuwamba na 2016, inda ya nuna cewa burge abokansa kawai yake son yi.

Hukumar kare bayanan jama'a ta Birtaniya, wato ICO, ta binciki lamarin, ta ci kamfanin tarar fam 400,000, wadda a lokacin ba ta taɓa yanke wa kowa irinta ba. Bincikenta ya nuna cewa ta wasu tsofaffin shafuka uku aka shiga, waɗanda TalkTalk ya gada lokacin da ya sayi reshen kamfanin Tiscali na Birtaniya a 2009, aka bar su ba mai waiwayarsu. An ma taɓa kai hari ta wannan kafar sau biyu a shekarar, a watan Yuli da watan Satumba, ba wanda ya farga. Dabarar da aka yi amfani da ita kuwa tsohuwa ce tukuf. Masu harkar suna kiranta injekshin na SQL, ma'ana cusa wa rumbun bayanai umarnin da mai shi bai rubuta ba. Tun a watan Disamba na 1998 wani masani mai suna Jeff Forristal ya bayyana ta a mujallar Phrack, fitowa ta 54, kafin a haifi wasu daga cikin yaran da aka kama.

Abin da ya sa wannan kafa ta cancanci mai karatu ya zauna ya fahimce ta shi ne, maganinta sananne ne, kuma sau da yawa bai wuce sauya layi biyu ko uku a cikin manhaja ba.

Yadda kafar take buɗewa

Kusan duk shafin da ake shiga da suna da kalmar sirri, ko ake duba sakamakon jarrabawa, ko ake biyan kuɗi, yana da rumbun bayanai a bayansa. Rumbun nan teburori ne masu layuka da ginshiƙai, kamar rajistar makaranta. Manhajar shafin tana magana da shi da wani harshe mai suna SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka ƙirƙira a kamfanin IBM a shekarun 1970. Duk lokacin da mutum ya rubuta wani abu a akwatin bincike ya danna, manhajar tana haɗa jimla guda ta SQL ta aika wa rumbun, shi kuma ya karanta ya aiwatar.

A ɗauka wata makaranta tana da shafin da iyaye ke rubuta sunan ɗalibi su ga makinsa. Mai rubuta manhajar, da harshen PHP, ya yi haka:

```php
$suna = $_GET['suna'];
$sql = "SELECT suna, aji, maki FROM dalibai WHERE suna = '" . $suna . "'";
$sakamako = $db->query($sql);
```

Layin farko yana karɓar abin da baƙo ya rubuta. Layi na biyu shi ne tushen matsalar. Ɗigon nan biyu da ke gefen `$suna` aikinsu liƙa rubutu da rubutu. Wato an ɗauko rabin jimlar da mai manhaja ya rubuta, an manna mata abin da baƙo ya rubuta, an rufe da alamar `'`, sannan layi na uku ya tura duka a matsayin jimla guda. Idan uba ya rubuta Musa, abin da rumbun zai gani shi ne `WHERE suna = 'Musa'`, ya nemo Musa ya kawo. Komai lafiya lau, kuma haka shafin zai yi ta aiki wata da watanni ba wanda ya ga aibunsa.

A harshen SQL, alamar `'` ita ce katangar da ke raba umarni da bayani. Duk abin da ke tsakanin guda biyu bayani ne kawai, suna ko gari ko kwanan wata. Duk abin da ke wajensu umarni ne da za a aiwatar. To ita wannan alama ita ce dai hamzar da ke cikin sunayen Hausawa da yawa: Sa'adu, A'isha, Isma'il, Ja'afar, Shu'aibu, Mas'ud, da garuruwa irin su Jama'are. Ranar da mahaifin Sa'adu ya rubuta sunan ɗansa, ga abin da zai isa rumbun:

```sql
SELECT suna, aji, maki FROM dalibai WHERE suna = 'Sa'adu'
```

Rumbun zai ɗauka sunan ya ƙare a `Sa`. Sai ya ci karo da `adu'` a wajen katanga, ya yi ƙoƙarin karanta shi a matsayin umarni, ya kasa. Idan rumbun MySQL ne, zai mayar da kuskure mai lamba 1064, wanda ke farawa da `You have an error in your SQL syntax`. Mahaifin Sa'adu zai ga shafi ya yi fari ko ya cika da Turancin da bai gane ba, ya ce intanet ɗin ce ba kyau. Amma wanda ya san harkar, da ya ga haka ya san an bar ƙofa a buɗe, domin rubutun baƙo ya tsallake katanga ya shiga ɓangaren umarni.

Mai kutse ba zai tsaya a `adu` ba. Zai rubuta abin da rumbun zai iya karantawa. Idan ya sa `' OR '1'='1` a akwatin suna, jimlar za ta koma haka:

```sql
SELECT suna, aji, maki FROM dalibai WHERE suna = '' OR '1'='1'
```

Ma'anarta yanzu ita ce a kawo duk ɗalibin da sunansa babu komai, ko kuma wanda a wurinsa ɗaya daidai take da ɗaya. Tunda ɗaya daidai take da ɗaya a kowane layi, rumbun zai juye dukan ɗaliban makarantar. Daga nan sai mataki na gaba, wanda ya fi muni. Akwai kalmar `UNION` da ke haɗa sakamakon tambaya biyu, muddin yawan ginshiƙansu ya zo ɗaya. Da ita mai kutse zai ce a ƙara masa da abin da ke teburin ma'aikata, sai lambobin wayar malamai da kalmomin sirrinsu su fito a inda aka tanada don aji da maki. Idan akwai ragowar jimla da ke damunsa, sai ya sa `--` da sarari a bayanta, alamar da ke gaya wa rumbun ya yi watsi da duk abin da ya biyo baya.

Lamarin kamar ɗan kasuwa ne da ya rubuta wa yaron sitonsa takarda cewa "Ka ba wa ... buhun shinkafa ɗaya", ya bar gurbin suna, ya miƙa wa baƙo ya cike da hannunsa. Baƙon kirki zai rubuta Audu. Mugu zai rubuta "Audu mabuɗin sito da", takarda ta koma "Ka ba wa Audu mabuɗin sito da buhun shinkafa ɗaya". Yaron sito bai yi laifi ba, takardar maigida ya gani, kuma ba shi da hanyar gane ina maganar maigida ta tsaya, ina ta baƙo ta fara. Da maigidan ya buga masa waya tun farko ya ce wani zai zo da kati ɗauke da suna, a duba sunan a littafi a ba shi buhu ɗaya, to ko me baƙon ya zana a katin, suna kawai za a ɗauke shi. Idan babu shi a littafi, ya koma hannu rabbana.

Gyaran

Wannan hanya ta biyu ita ce ainihin maganin. A maimakon a liƙa rubutun baƙo a cikin jimla, sai a bar masa gurbi, wanda masu manhaja ke kira faramita, a aika jimlar daban, a aika rubutun daban. Ga yadda layukan nan za su koma da ɗakin karatun PDO na PHP:

```php
$st = $db->prepare("SELECT suna, aji, maki FROM dalibai WHERE suna = ?");
$st->execute([$suna]);
$sakamako = $st->fetchAll();
```

A layin farko, `prepare` ya tura wa rumbun jimlar da alamar tambaya a inda suna zai zauna. Rumbun ya karanta ta, ya gane tebur ɗaya ake nema, ginshiƙai uku, sharaɗi ɗaya, ya tsara yadda zai yi aikin. An gama maganar umarni ke nan. A layi na biyu ne `execute` ya kawo abin da baƙo ya rubuta, kuma a lokacin babu sauran karatun jimla da ya rage. Idan aka turo `' OR '1'='1`, rumbun zai shiga tebur yana neman ɗalibin da sunansa na yanka shi ne waɗannan haruffa, hamza da komai. Ba zai samu ba, sai ya dawo da babu. Idan aka turo Sa'adu, zai nemo Sa'adu ya kawo makinsa. Gyara ɗaya ya kori ɓarawo, ya kuma shigo da mai gaskiya.

Akwai kurakurai biyu da sababbin hannu ke yawan yi a nan. Na farko shi ne sa alamar tambayar a tsakanin hamza biyu, `'?'`, saboda sabo da tsohuwar hanya. Da an yi haka ta daina zama gurbi, ta koma rubutu, rumbun ya dinga neman ɗalibi mai suna alamar tambaya, ko kuma a sami kuskuren cewa yawan faramita bai dace ba. Wannan kuskure ne mai sauƙi, don yana bayyana nan take. Na biyu ya fi haɗari domin ba ya nuna kansa: mutum ya kira `prepare`, amma jimlar da ya ba shi ya riga ya liƙa `$suna` a cikinta. Manhajar za ta yi aiki, mai duba ta da gaggawa zai ga kalmar `prepare` hankalinsa ya kwanta, alhali kafar tana nan yadda take. Kariyar ba a sunan aikin take ba, tana cikin raba jimlar da bayanin.

A harshen Python tarkon ya fi siriri. Waɗannan layuka biyu kusan kamarsu ɗaya:

```python
cur.execute("SELECT maki FROM dalibai WHERE suna = '%s'" % suna)
cur.execute("SELECT maki FROM dalibai WHERE suna = %s", (suna,))
```

A na sama, alamar `%` da ke bayan jimlar tana sa Python ya liƙa sunan kafin rumbun ya gani, wato tsohuwar cuta ce a sabuwar riga. A na ƙasa waƙafi ne a wurin, don haka jimla da suna sun tafi a matsayin abu biyu. Siffar gurbin takan bambanta daga wannan ɗakin karatu zuwa wancan. Wani `?` yake so, wani `%s`, wani `$1`, wani kuma suna kamar `:suna`. A Java ana amfani da `PreparedStatement`. Manufar dai ɗaya ce.

Masu PHP da MySQL suna da ƙarin abu guda da ya kamata su lura da shi. Idan ba a gaya wa PDO ba, ba ya tura jimla da bayani daban da gaske. Kwaikwayo yake yi: shi da kansa yake gyara rubutun ya saka a gurbin, sannan ya tura jimla guda. Galibi hakan yana kare mutum, amma ya dogara ga PDO da rumbun su yarda a kan tsarin haruffan da ake amfani da shi. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne a kashe kwaikwayon, a kuma faɗi tsarin haruffa tun wurin haɗuwa:

```php
$db = new PDO("mysql:host=localhost;dbname=makaranta;charset=utf8mb4", $u, $p);
$db->setAttribute(PDO::ATTR_EMULATE_PREPARES, false);
```

Tsarin `utf8mb4` yana da wata fa'ida ga mai rubutun Hausa, domin idan teburorin ma a kansa aka gina su, ƙ da ɗ da ɓ za su shiga su fito lafiya, ba za su koma alamomin tambaya ba.

Me ya sa ba za a tace rubutun kawai ba?

Wannan ita ce dabarar da ke fara zuwa zuciyar kowa. Tunda hamza ce ke fasa katanga, a hana ta shiga, ko a goge ta, ko a sa mata wata alama a gaba da za ta kashe mata ƙarfi. An gwada wannan hanya shekara da shekaru, kuma tarihinta bai yi kyau ba. PHP kansa ya taɓa samun wani tsari da ke sa alamar `\` a gaban kowace hamza ba tare da an tambaye shi ba. Ya ɓata bayanan mutane, ya sa masu manhaja suka saki jiki, kuma bai toshe kafar ba. A 2012, da fitowar PHP 5.4, aka cire shi gaba ɗaya. Tsofaffin ayyukan da ke farawa da `mysql_`, waɗanda ba su da hanyar faramita ko kaɗan, su ma an cire su a PHP 7.0 a ƙarshen 2015, sai dai har yau ana cin karo da su a tsofaffin darussa da ɗalibai ke kwafa.

Babban rauninta shi ne kutse ba dole sai da hamza ba. A duba shafin da ke nemo ɗalibi da lambar rajista, inda jimlar ta ƙare da `WHERE lamba = ` sannan a liƙa lambar. Lambobi ba a sa musu katanga a SQL, saboda haka babu abin da za a fasa. Mai kutse zai rubuta `5 OR 1=1`, babu hamza ko ɗaya a ciki, matata ta bar shi ya wuce, rumbun ya juye masa komai. Masu hana kalmomi irin su `UNION` da `SELECT` su ma suna cikin wannan wahala, domin ana iya sauya girman haruffa, ko a tsarga wasu alamomi a tsakani, ko a bi ta wata hanyar da mai jerin bai yi tunaninta ba. Sannan ga zaluncin da ke ciki: shafin da ya hana hamza ya tilasta wa A'isha ta zama Aisha, Sa'adu ya zama Saadu, wata rana sunan da ke takardar makaranta ya saɓa da na katin shaida, mai sunan ya yi ta zirga-zirgar gyara.

Duba abin da aka shigar yana da amfaninsa. Ya dace a tabbatar lambar waya lambobi ce, kwanan wata kwanan wata ne. Amma wannan tsabtace bayani ne, ba ya maye gurbin faramita.

Inda alamar tambaya ba ta shiga

Faramita tana riƙe bayani ne kaɗai. Ba ta iya tsayawa a madadin sunan tebur, ko sunan ginshiƙi, ko wata kalma ta SQL, domin waɗannan suna cikin abin da rumbun ke buƙata kafin ya tsara aikinsa. A nan ne manhajoji da yawa da aka gyara ko'ina suke barin ƙofa ɗaya. A shafin makarantar nan, a ce malami yana iya zaɓar a jera ɗalibai bisa suna ko aji ko maki. Idan mai manhaja ya rubuta `ORDER BY ?`, ba za a jera komai yadda ake so ba, don rumbun zai ɗauki kalmar a matsayin rubutu, ba sunan ginshiƙi ba. Da ya ga abin bai yi aiki ba, sai ya koma liƙawa, kafar ta dawo.

Hanyar da ta dace ita ce kada rubutun baƙo ya taɓa jimlar sam. A tanadi jerin zaɓin da aka yarda da su a cikin manhajar, abin da baƙo ya turo ya zama manuni kawai:

```php
$halal = ['suna' => 'suna', 'aji' => 'aji', 'maki' => 'maki'];
$jeri = $halal[$_GET['jeri'] ?? ''] ?? 'suna';
$st = $db->prepare("SELECT suna, maki FROM dalibai WHERE aji = ? ORDER BY $jeri");
```

Har yanzu akwai liƙawa a layi na uku, amma abin da ake liƙawa ɗaya ne daga kalmomi uku da mai manhaja ya rubuta da hannunsa. Duk abin da baƙo ya turo wanda ba ya cikin jerin, sai a koma kan `suna`.

Sauran wuraren sun fi sauƙi. Idan ana neman sunan da ya ƙunshi wasu haruffa, ana rubuta `LIKE ?`, sannan a haɗa alamomin `%` da rubutun a wajen jimlar, a miƙa su tare a matsayin bayani. Idan ana neman ɗalibai da yawa da `IN`, kowane ɗaya sai an ba shi alamar tambayarsa, uku ga uku, goma ga goma.

Akwai kuma wani nau'in da ke ruɗar ma ƙwararru. Mai kutse ya yi rajista da suna mai ɗauke da guntun SQL. Shafin rajista yana amfani da faramita, don haka sunan ya shiga rumbun ya kwanta ba tare da ya yi ɓarna ba. Bayan mako guda, akawun makaranta ya buɗe shafin rahoto, wanda ke ɗauko sunaye daga rumbun ya liƙa su a wata jimlar, saboda wanda ya rubuta shi ya ɗauka duk abin da ya fito daga rumbu amintacce ne. A nan umarnin zai tashi. Darasin shi ne ba a tambayar daga ina bayani ya fito. Ko daga baƙo, ko daga rumbu, ko daga fayil ɗin da aka loda, idan zai shiga jimla ta gurbi zai shiga.

Yadda ake gane an toshe

Aikin gyaran tsohuwar manhaja yana farawa da bincike a cikin rubutunta, fayil bayan fayil, ana neman duk inda aka kira `query(` ko `exec(` ko `prepare(`, ana duba ko akwai wani abu mai canzawa da aka liƙa a jimlar. Ba akwatunan da ake gani a shafi kaɗai ake bi ba. Lambar da ke cikin adireshin shafi, da zaɓin da ake latsawa, da ɓoyayyun gurabe, duk daga na'urar baƙo suke fitowa, kuma yana iya sauya su. Shafukan da aka daina amfani da su amma ba a sauke ba su ma suna cikin lissafi, kamar yadda ukun nan na Tiscali suka nuna.

Bayan gyara sai gwaji. Suna mai hamza ya shiga ya fito daidai. `' OR '1'='1` ya dawo da babu. A nan akwai wani ruɗi da ya kamata a guje masa: ɓoye saƙon kuskure ba toshe kafa ba ne. Yana da kyau kada baƙo ya ga kuskure mai lamba 1064, amma mai kutse yana iya aiki a makance. Zai ƙara `AND 1=1` a bayan lambar rajista ya ga shafin ya fito, ya ƙara `AND 1=2` ya ga bai fito ba, ya gane rumbun yana sauraronsa. Ko ya sa `SLEEP(5)` ya ga amsa ta yi jinkirin daƙiƙa biyar. Da tambayoyin i ko a'a irin waɗannan ake zare kalmar sirri harafi bayan harafi, kuma akwai manhajar kyauta mai suna sqlmap da ke yin dubbansu ba gajiya. Mai shafi da ya buɗe rajistar baƙinsa ya ga `UNION SELECT` ko `SLEEP` ko `%27`, wadda ita ce hamza a cikin adireshi, suna maimaituwa daga wuri ɗaya, ya san ana lalube ƙofarsa. Irin wannan gwaji a kan shafin mutum na kansa ake yi, ko da rubutaccen izinin mai shi. A Najeriya, shiga kwamfutar wani ba izini laifi ne a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015.

Faramita kuma ba ta maganin kowace cuta. Idan shafin bai duba ko wannan uban yana da hakkin ganin makin wancan ɗalibin ba, sauya lamba a adireshi kawai ya isa, ba sai an cusa komai ba. Shi ya sa ake haɗa ta da abu biyu: asusun da manhajar ke shiga rumbu da shi a ba shi ikon abin da yake buƙata kaɗai, kalmomin sirri kuma a adana su a murɗe da aiki irin `password_hash`, yadda ko an sace su ba za a karanta su kai tsaye ba.

Wanda ya ɗauka wannan matsalar ƙananan shafuka ce, ya tuna kamfanin Heartland na Amurka mai sarrafa biyan kuɗi da kati, wanda ta irin wannan kafa aka fara shigarsa, aka kwashi lambobin kati kusan miliyan 130, har aka yanke wa jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, ɗaurin shekara 20 a 2010. A ƙarshen watan Mayu na 2023 kuma aka gano irinta a manhajar MOVEit ta aika fayiloli, bayan ƙungiyar Cl0p ta riga ta bi ta ciki. Hukumomi da kamfanoni sama da 2,000 abin ya shafa, ciki har da ma'aikatan BBC da na British Airways. A watan Maris na 2024, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, da hukumar FBI suka fitar da gargaɗi ga masu ƙera manhaja cewa su kawar da wannan nau'in rauni daga kayansu, kuma maganin da suka nuna shi ne faramita.

A Najeriya ma yanzu akwai hukunci. Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan jama'a ya sanar da hukumar NDPC cikin awa 72 idan aka yi masa kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, kuma tara tana iya kaiwa kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara. Saboda haka shugaban makaranta, ko mai asibiti, ko sakataren ƙungiyar adashi da ya ba da kwangilar gina shafi, ba sai ya iya SQL ba kafin ya kare mutanensa. Kafin ya biya cikon kuɗin aiki, ya sa mai kwangilar ya buɗe rubutun manhajar a gabansa, ya nuna masa cewa kowace jimla da ke zuwa rumbu da gurbi take tafiya, ya kuma lissafa masa duk tsofaffin shafukan da har yanzu suke kan intanet, a sauke waɗanda ba a buƙata.